Yadda Injiniya Ke Auna Turin Girgizar Ƙasa, Ya Raba Shi Hawa-Hawa

Girgizar ƙasa ba ta sa hannu ta ture gini. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce take fizgewa gefe guda, harsashi ya bi ta dole, nauyin da ke sama kuma ya ƙi bi nan take. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan akori-kura direba ya fizgi mota ba zato ya san abin a jikinsa: ƙafafu sun tafi da mota, gangar jiki ta tsaya a baya, gwiwa da idon sawu ne suka sha wahala. A gini, ginshiƙai ne ke shan wannan wahalar. Girman wahalar kuwa ya dogara da abu biyu, kamar yadda dokar Newton ta nuna: yawan nauyin da ake fizga, da tsananin fizgar.

Matsalar injiniya ita ce fizgar ba ta tsayawa wuri guda. Cikin sakan goma ƙasa za ta iya kai da komowa sau da yawa, kowane da nasa ƙarfin. Wanda zai zana rodi a ginshiƙi kuwa lamba yake so, guda ɗaya tsayayya. Saboda haka aka ɓullo da wata dabara: a ɗauka ginin yana tsaye cak, a lissafa wani turi na gefe wanda ba ya motsi amma ɓarnarsa ta yi daidai da mafi munin lokacin girgizar, sannan a tambaya ko ginshiƙai za su ɗauke shi. Jimillar wannan turin, kamar yadda take isa harsashi, ita ake rubutawa `Fb` a littattafan Turai, `V` a na Amurka. A nan za mu kira ta turin tushe.

Dabarar ta fito ne daga masifa. Ranar 28 ga Disamba 1908 girgizar ƙasa ta rusa birnin Messina a kudancin Italiya, dubun-dubatar mutane suka mutu. Kwamitin injiniyoyin da gwamnati ta kafa ya ba da shawarar a riƙa gina hawan ƙasa yadda zai jure turin gefe na kashi ɗaya cikin goma sha biyu na nauyin da ke kansa, hawan sama kuma kashi ɗaya cikin takwas. A Japan, Sano Toshikata ya zo da irin wannan tunanin, kuma bayan girgizar Kanto ta 1923, wadda ta kashe mutum sama da 100,000, dokar ginin ƙasar ta 1924 ta tsayar da kashi ɗaya cikin goma. Ƙashin bayan lissafin bai canza ba tun daga lokacin: nauyin gini sau wani kaso. Abin da aka shafe shekaru ana gyarawa shi ne yadda ake samo kason.

Hanya mafi sauƙi ta fahimta ita ce mu ɗauki gini guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Za mu bi ƙa'idar Turai da ake kira Eurocode 8. A ce bene ne na kankare da rodi, hawa huɗu idan an haɗa da na ƙasa, tsawonsa mita 20, faɗinsa mita 15, kowane hawa tsayinsa mita 3. Ke nan akwai dekin a mita 3, da 6, da 9, sai na rufi a mita 12. Ginshiƙai ashirin ne, mita biyar-biyar tsakaninsu. Gidajen kwana ne daga ƙasa har sama, tsarin ɗakuna iri ɗaya.

Aikin farko shi ne nauyi. Ana tattara nauyin kowane hawa a kan dekinsa: dekin kansa, da bim, da rabin ginshiƙai da bangon bulo na sama da na ƙasa, da filasta, da tayil. Gini irin wannan yakan kai kusan tan ɗaya a kowace murabba'in mita, don haka mu ce tan 300 a kowane dekin na zama, tan 200 a rufi tunda babu bango a kansa. Jimilla tan 1,100. Kayan ɗaki da mutane ba a ƙirga su duka, domin ba a zaton girgiza za ta zo daidai ranar da gida ya cika maƙil. A gidan kwana ana ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100 na wannan kayan, ko ƙasa da haka. A sito kuwa kashi 80 ake ɗauka, don buhuna ba sa fita yawo. Gidan da aka lissafa a matsayin na kwana, daga baya aka cika hawansa na uku da buhunan shinkafa, ya riga ya fita daga lissafinsa.

Aiki na biyu shi ne gano yadda ginin ke lilo. Kowane gini, idan aka ture shi aka saki, yana da lokacin da yake ɗauka ya je ya dawo. Gajere mai tauri yana yi da sauri, dogo yana yi a hankali. Ga firam ɗin kankare wanda bai wuce mita 40 ba, ƙa'idar ta ba da wannan kiyasi, inda `H` yake tsayin ginin da mita:

```
T1 = 0.075 × H^0.75
T1 = 0.075 × 12^0.75 = 0.48
```

Kusan rabin sakan ke nan. Injiniyoyi suna da kiyasin ka da suke duba kansu da shi, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan ga kowane hawa, kuma amsarmu ba ta yi nisa da shi ba.

Me ya sa wannan lokacin ya dame mu? Domin idan lilon gini ya zo daidai da yadda ƙasa ke kai da komowa, kowace fizga tana ƙara wa ta baya, har saman ginin ya riƙa jin abin da ya ninka na ƙasa. Birnin Meziko ya koya wa duniya wannan ranar 19 ga Satumba 1985. Tushen girgizar yana can bakin teku, sama da kilomita 300 daga birnin. Amma tsakiyar birnin yana zaune ne a kan laka mai laushi ta tsohon tafki, kuma lakar ta riƙa lilo da kusan sakan biyu. Benayen da suka fi rushewa su ne masu hawa kusan shida zuwa goma sha biyar, alhali tsofaffin gajerun gidaje da ke kusa da su da yawa sun tsira. Shi ya sa ba a yin wannan lissafin sai an haƙa an gwada ƙasar wurin.

A ce filinmu yana yankin da taswirar hukuma ta ba shi fizgar ƙasa ta kashi 0.2 na ƙarfin da ke jawo abu ƙasa, kwatankwacin abin da ake samu a wasu sassan Italiya. Lambar tana nufin girgizar da ake sa ran samun irinta sau ɗaya a kusan shekara 475, wato yiwuwar kashi 10 cikin 100 a cikin shekara hamsin na rayuwar gini. Ƙasar wurin yashi ce mai danƙo matsakaici, wadda ƙa'idar ta sa a rukunin C, kuma tana ƙara fizgar da 1.15. Rabin sakan ɗinmu ya faɗo daidai tsakanin 0.2 da 0.6, inda gini ya fi amsa girgiza a irin wannan ƙasa, don haka ana ninkawa da 2.5. Idan aka haɗa, 0.2 sau 1.15 sau 2.5 ya ba da 0.575. Akwai ɗan rangwame na 0.85 ga gini irin namu mai hawa fiye da biyu, saboda ba dukan nauyinsa ke lilo tare ba. Sakamakon shi ne turin gefe na kusan tan 538, kusan rabin nauyin ginin gaba ɗaya.

Wannan ita ce lambar da girgizar za ta nema idan ana son ginin ya fita ba ko tsaga. Kusan babu wanda ke gina gidan kwana a kanta, domin ginshiƙan za su yi kauri su cinye ɗakuna, kuɗin kuma ya fi ƙarfin mai gida. Sai ƙa'idar ta ba da izinin a raba ta da wata lamba, `q`. Ga firam ɗin kankare mai hawa da yawa wanda aka ɗaure rodinsa bisa sharuɗɗan matsakaicin mataki, `q` tana kai 3.9:

```
Fb = (0.2 × 1.15 × 2.5 / 3.9) × 0.85 × 1100 = 138
```

Tan 138, ko kiloniyutan kusan 1,350 a ma'aunin da injiniyoyi ke rubutu da shi. Kashi ɗaya cikin takwas na nauyin ginin, kusa da abin da mutanen Italiya suka tsayar fiye da shekara ɗari da suka wuce.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, domin a ganina duk maganar a nan take. Rabawa da 3.9 bai rage girgizar ba ko da ƙwayar zarra. Yarjejeniya ce aka ƙulla da ginin. An yarda cewa idan babbar girgiza ta zo zai tsattsage, rodin da ke ƙarshen bim zai miƙe ya wuce iyakarsa, wataƙila ma bayan haka a rushe ginin a sake wani. Abin da aka nema a madadin shi ne ya lanƙwasa ba tare da ya karye ba, ya ci gaba da ɗauke da nauyinsa har mutane su fita. Kankare shi kaɗai ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Abin da ke ba shi haƙuri shi ne ringin da ke zagaye da rodin tsaye, wanda ke matse kankaren ciki ya hana shi warwatsewa, ya kuma hana rodin tsaye bauɗewa waje.

Don haka `q` tana zuwa da farashinta. A sama da ƙasan kowane ginshiƙi dole a matso da ringi kusa-kusa, tazararsu kada ta wuce kaurin rodin tsaye sau takwas. Idan rodin mai milimita 16 ne, ba za a wuce santimita 13 ba, sau da yawa ma ƙasa da haka. Bakin ringi dole a lanƙwasa shi ya koma cikin kankare da kusurwa 135, domin wanda aka tsayar a kusurwa 90 yana buɗewa da zarar fatar ginshiƙi ta ɓare. Sannan a kowace mahaɗa ginshiƙai su fi bim ƙarfi da aƙalla kashi 30 cikin 100, don bim ya riga ginshiƙi sarewa. Idan bim ya sare, dekin ya ɗan saki. Idan ginshiƙi ya sare, abin da ke samansa ya sauko. Ginin da ba a yi masa wannan ɗaurin ba, `q` ɗinsa ba ta wuce 1.5, kuma a lissafinmu turin tushensa zai zama tan 358. Injiniyan da ya rubuta 3.9 a takarda, ya bar mai ɗaurin rodi yana jera ringi yadda ya saba don ya rage kuɗin ƙarfe, ya ba mai gida ginin da aka shirya wa tan 138 a inda ake binsa bashin 358. Bayan an zuba kankare babu idon da zai gane bambancin.

Yanzu sai rabo. Tan 138 ba a harsashi aka haife su ba. Kowane dekin ne ya haifar da nasa kaso, suka taru a ƙasa. Idan gajeren gini yana lilo, harsashi yana tare da ƙasa, rufi ne ke kaiwa nesa, kuma karkatar tana ƙaruwa kusan a miƙe daga ƙasa zuwa sama. Saboda haka kason kowane dekin ya dogara da nauyinsa sau tsayinsa daga ƙasa:

```
Fi = Fb × (mi × zi) / Σ(mj × zj)
```

Dekin farko, tan 300 sau mita 3, ya ba da 900. Na biyu 1,800, na uku 2,700, rufi kuma tan 200 sau mita 12, wato 2,400. Jimilla 7,800. Idan aka raba tan 138 bisa wannan, dekin farko ya sami 16, na biyu 32, na uku 48, rufi 42. Dekin uku na farko nauyinsu ɗaya, amma na ukun yana turi ninki uku na na farkon, don tsayinsa kawai. Rufi kuma, duk da ya fi kowa sauƙi, ya fi na biyu turi.

Ga inda ake yawan ruɗewa. Turi ya fi yawa a sama, amma wahala ta fi yawa a ƙasa. Ginshiƙan hawan ƙoli tan 42 na rufi kawai suke riƙewa. Na ƙasa da su suna riƙe 42 da 48, wato 90. Na gaba 122. Ginshiƙan hawan ƙasa su ne ke ɗauke da 138 ɗin duka. Idan aka raba wa ashirin, kowanne ya sami kusan tan bakwai na turin gefe, na tsakiya su ɗan fi na gefe. Tan bakwai ɗin nan, a kan ginshiƙi mai tsayin mita uku, suna neman lanƙwasa shi a sama da ƙasa da ƙarfin da ya kai kusan tan goma a hannun mita ɗaya. Ginshiƙin da aka zana don nauyin tsaye kawai bai san da wannan ba. Turin kuma yana neman kifar da ginin, sai ginshiƙan gefe guda su ƙara danniya, na ɗaya gefen su yi sauƙi, bayan rubu'in sakan abin ya juya. Ana maimaita lissafin ta tsawo da ta faɗi, kuma ana gusar da wurin turin da kashi biyar cikin ɗari na faɗin ginin, mita ɗaya a gefen mita 20, don a ga yadda zai yi idan ya murɗa.

Rabon nan yana nuna abin da ido ba zai nuna ba. A ce bayan an gama gini mai gida ya sa an zuba tankin kankare a rufi, da ruwansa da bangonsa tan 60. Nauyin gini ya tashi zuwa tan 1,160, turin tushe ya koma 145, ƙarin kashi biyar cikin ɗari, abin da za a iya cewa bai taka kara ya karya ba. Amma kason rufi ya tashi daga 42 zuwa 53. Ginshiƙan hawan ƙoli, waɗanda galibi su ne mafi siranta, an ƙara musu rubu'in aikinsu. Da a ƙasa aka ajiye tankin nan, kusan babu abin da zai ƙara. Haka ƙarin hawa da ake ɗorawa bayan shekaru: nauyi ne aka kai inda tsayi ya fi ninka shi.

Ƙasashe ba su yi ittifaƙi a kan rabon ba. Ƙa'idar Indiya, IS 1893, tana ninka nauyi da tsayi sau tsayi, kuma da ita muka bi a rabon tan 138 ɗinmu, da rufi ya sami kusan 60, dekin farko ƙasa da shida. Ta Amurka, ASCE 7, tana bin miƙaƙƙen rabo ga ginin da lilonsa bai wuce rabin sakan ba, tana karkata zuwa irin na Indiya yayin da lilon ke tsawo, har ya kai sakan biyu da rabi. Dalilin duka ɗaya ne: dogon gini ba ya karkata a miƙe, samansa yana yin nasa kaɗawar daban. Ƙa'idar Turai ta yanke hukuncinta ta wata hanya, ta ce idan lilon ya wuce sakan biyu, ko ya wuce iyakar da ta sa wa irin ƙasar wurin, a ajiye wannan dabarar a koma lissafin da ke bin motsin ginin kala-kala.

Sharaɗi na biyu ya fi shafar benayen da muke gani kullum. Dabarar tana aiki ne idan taurin gini da nauyinsa suna tafiya bai ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ba tare da wani hawa ya bambanta kwatsam ba. Mu koma ga benenmu, a ce an mayar da hawan ƙasa shaguna. An ɗaga tsayinsa daga mita 3 zuwa 4, an cire bangon bulo an sa ƙofofin ƙarfe. Taurin ginshiƙi yana raguwa ne da tsayinsa sau tsayinsa sau tsayinsa, don haka wannan mita ɗaya ta bar shi da kashi 42 cikin 100 na taurinsa na da. Hawa ukun sama kuma suna cike da bango, wanda ko ba a ƙirga shi a lissafi ba yana taurara su sosai. Sai ginin ya daina karkata a miƙe. Saman ya tafi dunƙule guda, duk karkatar da ya kamata hawa huɗu su raba ta taru a ginshiƙai ashirin na ƙasa, waɗanda dama su ne ke riƙe da turin duka. Tsagar da aka yi alkawarin za ta bazu a bim da yawa ta tattare wuri guda, hujjar rabawa da 3.9 ta faɗi.

Haka aka gani a Ahmedabad a girgizar Bhuj ta 26 ga Janairu 2001, sama da kilomita 200 daga tushen girgizar, inda benayen da aka bar ƙasansu a buɗe don ajiye motoci suka durƙushe. An sake ganin irinsa a kudancin Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu 2023: hawan sama suna nan da tagoginsu, hawan shaguna ya ɓace a ƙarƙashinsu. A ginin da bai faɗi ba, alamun su ne kankare da ya ɓare a kai da gindin ginshiƙan ƙasa, rodi ya bauɗe waje tsakanin ringi masu nisa, da tsaga mai gicciye a bango.

Arewacin Najeriya da kudancin Nijar ba yankin manyan girgiza ba ne, ko da yake mutanen Kwoi sun ji motsin ƙasa a 2016, na Mpape a Abuja kuma a 2018. Accra daban ce: girgizar 22 ga Yuni 1939 ta rusa gidaje ta kashe mutane a can, kuma mai gina bene da shaguna a ƙasa a Nima ko Madina yana da dalilin tambayar injiniyansa wace `q` ya ɗauka da abin da ya yi wa hawan ƙasa. Ga irin wannan ginin, ƙa'idar Turai ta hana amfani da rabon da muka yi, ta kuma ce a rage `q` da kashi 20 cikin 100 sannan a ƙara ƙarfin ginshiƙan hawan da aka cire wa bango. Gyaran da ya fi inganci shi ne bangon kankare mai rodi, aƙalla biyu ta tsawo biyu ta faɗi, a jera su daura da juna don kada ginin ya murɗa, kowanne ya tashi daga harsashi ya kai rufi ba tare da an yanke shi don ƙofar shago ba.